Fula mai ƙafa biyu tana zamewa, fuli ya ƙi fita

*Malam, ina da moton lantarki mai kilowat 1.5 da ke juya kwamfaresa, ina so in cire fulinsa don in canja boris. Fulin na kas ne, wato zubin ƙarfe, faɗinsa kamar milimita 100. Na kwance ɗan sukurun da ke gefensa, na ɗaura fula, wato abin jan fuli, mai ƙafa biyu, amma da na fara ɗaurewa sai ƙafa ɗaya ta zame. Daga baya ma ta ɓantare bakin fulin. In nemo babbar fula ne, ko in sa guduma?*

Ɗan'uwa, ajiye gudumar nan tukuna, babbar fular ma ba yanzu ba. Wadda ke hannunka ta isa. Ɗauki fula mai sukurun tsakiya na milimita 16: idan ka sa mata sifana mai tsawon santimita 25, ka danna da nauyin kilo 20, ƙarfin da ke sauka a kan shaf ya kai tan ɗaya da rabi, in zaren ya sha giris ma ya doshi tan biyu. Fulin da ke kan ɗan moto irin naka, in babu abin da ya riƙe shi, bai kamata ya nemi ko kusa da haka ba. Don haka in ya ƙi motsi, ɗayan biyu ne. Ko dai akwai abin da ke riƙe da shi da ba ka gani ba, ko kuma ƙarfin da kake sawa ba ya tafiya a miƙe. Zamewar ƙafa da ɓantarewar baki duk alamun na biyun ne, amma na farkon za ka fara dubawa, domin kowace irin dabarar ɗaura fula ba ta cire fulin da ke kulle.

Zare filogi, ko ka kashe wutar daga tushe yadda wani ba zai kunna maka ba. Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin fuskar fulin da ƙarshen shaf, ka rubuta. Mutane na raina wannan, sai ranar mayarwa bel ya riƙa cin gefe ɗaya su rasa dalili.

Yanzu goge cibiyar fulin, wato wannan wuri mai kauri da ya rungumi shaf, ka juya ta a hankali kana kallo da haske. Ɗan sukurun da ka kwance mai yiwuwa shi ne wanda ke danne ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke zaune a tsagi tsakanin shaf da fuli don su juya tare. Sau da yawa akwai na biyu a wani gefen cibiyar, yana cizon jikin shaf kai tsaye, kuma datti da fenti kan rufe bakinsa har ya saje da ƙarfen. Wani lokaci ma a cikin kwarin bel ake ɓoye shi. Akwai kuma wata al'ada ta wasu masu haɗa inji: su jera sukuru biyu a rami ɗaya, na sama yana kulle na ƙasa. Ka cire na sama, ka ɗauka ka gama, alhali na ƙasa na nan daram. Saboda haka kada ka tsaya a sassautawa. Fitar da sukurun gaba ɗaya, ka leƙa ramin, ka zura alanki ka ji ko zai kama wani abu. Abin da ya kamata ka gani a ƙasan ramin shi ne bayan ki ko jikin shaf.

Dubi kin ma. In miƙaƙƙen ki ne wanda kaurinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba ruwanka da shi, fulin zai zame a kansa. Amma akwai wani mai ɗan kai kamar ƙugiya da ke leƙowa waje, wanda ake buga shi ciki bayan an sa fuli. Wannan jikinsa a tsuke yake, bakinsa na ciki siriri, na waje mai kauri. Jan fuli waje a kan irin wannan ki ƙara ɗaure shi ne, duk juyin da ka yi da sifana kana ƙara kulle abin da kake son buɗewa. Shi sai an fara zare shi ta wannan kan nasa. Haka kuma in ka ga cibiyar tana da wani zobe mai tsaga a tsakiya da sukurori biyu ko uku a fuskarsa, to fuli ne mai bush mai tsukewa, kuma ba a cire shi da fula ko kaɗan. Ana kwance sukurorin, a mayar da ɗaya cikin ramin da aka bari fanko, a ɗaure, shi ne zai raba bush da fuli. Tunda ka ce a gefe sukurunka yake, ina kyautata zaton naka na ki ne zalla.

Abu na gaba shi ne hanyar da fulin zai bi. Moto mai wannan girma yawanci shaf ɗinsa milimita 24 ne, tsawon da ya fito waje milimita 50, ki mai faɗin milimita 8, kuma a ƙarshensa akwai rami mai zaren M8. In shaf ya leƙo gaban fulin, to duk tsatsar da ke kan wannan guntun da fentin da aka shafa masa sai sun bi ta cikin ramin fulin, kuma ramin ba shi da sararin ko gashi ɗaya. Goge shi da samfefa mai laushi har ya yi haske. Shafa yatsa a bakin shaf: in wani ya taɓa dukansa da guduma a baya, bakin zai ɗan baje, farce zai ji shi kafin ido ya gani. Ka rage wannan da magagari. Daga nan ka tsiyaya man sassauta tsatsa ta gaba da ta baya da kuma cikin ramin sukurun da ka fitar, wanda shi ne ƙofa mafi kusa da inda abin ya cije. Ba shi lokaci. Na awa ɗaya ya fi na minti biyar, na kwana ya fi duka.

To, mu zo kan fular kanta, inda matsalarka take.

Fula mai ƙafa uku tana daidaita kanta a tsakiya. Mai ƙafa biyu ba ta yi, kai ne za ka daidaita ta. Wurare uku ne kawai take taɓawa, farata biyu da tsinin sukuru, kuma dole ukun su kasance a layi ɗaya da ya ratsa ta tsakiyar shaf. In faratan suka kauce daga wannan layi ko da kaɗan ne, da ƙarfi ya hau sai fular ta fara kishingiɗa gefe, farce ɗaya ya yi ta tafiya a kan da'irar fulin har ya faɗo. Haka in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nisa da sukuru. Wadda ta fi kusa za ta ɗauki kaya mafi yawa, fulin ya karkace a kan shaf, kuma fulin da ya karkace cizo yake ƙarawa. In fularka mai miƙaƙƙiyar kafaɗa ce wadda ƙafafu ke zamewa a kanta, kada ka yarda da ido, sa ma'auni daga sukuru zuwa kowace ƙafa. In mai ramukan fin ce, ka tabbata rami ɗaya ka zaɓa a ɓangarorin biyu.

Sai ka tsaya ta gefe ka kalli yadda ƙafafun suka tsaya. Abin da ake so su sauko a miƙe, kafaɗa da kafaɗa da sukuru, ko su ɗan tsuke ciki wajen farata. In suka buɗe waje kamar mai hawan jaki, to fular ta yi wa fulin ƙanƙanta, kuma jan da kansa ne ke fizge faratan daga inda suka kama. Wannan ne kaɗai yanayin da zan ce ka nemi wata fula, kuma faɗin kafaɗa za ka nema, ba ƙarin tan ba. Dubi faratan su ma. Farcen da ya sha zamewa bakinsa kan lanƙwashe ya yi sulɓi, ba ya sake zama a kwance bayan ƙarfe. Ana iya gyara fuskarsa da magagari in lalacewar kaɗan ce. In ƙafar ce ta miƙe ko ta tsage, a jefar da ita, kada a yi mata walda.

Duk da haka, babban kuskuren shi ne wurin da ka kama. Leɓen kwarin bel shi ne wuri mafi rashin kauri a jikin fuli, 'yan milimita ne, kuma kas ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, ɓallewa kawai yake yi. Cijewar tana can cibiya, kai kuwa kana ja daga nesa da ita, ta wurin da ya fi ko'ina rauni. Ƙa'idar ita ce a kama kusa da shaf iya yadda hali ya yi. In fulin mai hannuwa ne ko mai manyan huji a jikinsa, zura ƙafafun ta ciki su kama bayan cibiya. A nan ma mai ƙafa biyu ta fi mai uku amfani, domin tana shiga fuli mai huji biyu ko huɗu, wanda mai uku ba za ta daidaita da shi ba. In ka ga ramuka biyu masu zare a fuskarsa suna kallon juna, don cirewa aka yi su: a ɗaura dogayen bol biyu ta cikin kafaɗar fula, a manta da farata.

Amma fuli mai milimita 100 galibi curarre ne, ba huji ba hannu. Shi maganinsa a sa wani abu a bayansa da zai ɗauki jan ya kai shi cibiya. Akwai faranti mai ɓari biyu da ake raba boris da shi, ana zura ɓarin biyu a bayan fuli, a ɗaure su da bol ɗinsu har su rungumi shaf ba tare da sun cije shi ba, sannan faratan fula su kama farantin. In ba ka da shi, samu farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 ko fiye, a yanka masa tsaga mai faɗin milimita 25 ko 26 daga gefe zuwa tsakiya, ka zura shi a bayan cibiya. Faratan su kama shi ta ɓangarorin biyu na tsagar, kada ɗaya ya zauna a bakinta. In sararin da ke tsakanin fuli da murfin moto bai isa faranti ba, to dole a kama fulin kansa, amma sai a tura faratan can ciki su wuce leɓe su zauna bayan ƙarfe mai kauri, kuma nesa da inda ya riga ya ɓantare, domin tsaga kan ɓuya a gefen ɓantara. Kada ka taɓa sa farce a cikin kwarin bel.

Don hana ƙafafu buɗewa, ɗaure su da juna kusa da farata. Kilam mai sukuru ya fi, in babu, babban kilif na tiyo ma yana yi. Aikinsa hana su fara zamewa ne kawai, ba ɗaukar kaya ba. In ka ga kilif ɗin yana neman tsinkewa, to tsayuwar ƙafafun ce ba daidai ba, koma ka gyara.

Kafin tsinin sukuru ya taɓa shaf, kare wannan rami mai zaren M8. Tsinin fula ƙarfe ne mai tauri, in ya nutse cikin ramin da ƙarfin tan guda zai murƙushe zaren farko, ya kuma buɗa bakin shaf, ka ga ka ƙirƙiro bajewar da ka gama ragewa ɗazu. Ɗaura gajeren bol na M8 mai kan alanki har kansa ya zauna a fuskar shaf, tsinin ya shiga ramin alankin. Ka sami kariya, ka kuma sami abin da zai riƙe tsinin a tsakiya. Kan wannan bol milimita 13 ne, zai bi ta ramin 24 ba tare da ya taɓa komai ba. Wannan lissafi ka riƙa yin sa kullum: duk abin da ka sa tsakanin sukuru da shaf dole ya fi ramin fulin ƙanƙanta. A ƙananan shaf na milimita 10 ko 12, sukurun fular kansa kan fi ramin kauri, sai fuli ya taso kaɗan ya tokare da sukurun, mutum ya yi ta ɗaurewa yana cewa ya sake cijewa, alhali fular ce ke matse kanta. A nan sai an sa guntun rodi siriri a tsakani.

Shafa giris a zaren sukuru da kan tsininsa. Ɗaure da hannu har komai ya zauna, ka sake duban layin ta gaba da ta gefe. Sa tabarau na kariya, ka yafa tsumma mai kauri a kan fular, ka kuma kauce daga saitin sukuru da na ƙafafu, domin farcen da ya ɓalle a ƙarƙashin tan guda ba ya sallama. Moton ya kasance a ɗaure a kan benci ko a mazauninsa. Da ka fara juya sifana, fula da shaf za su so su juya tare, sai ka tare kafaɗar fular da hannu ɗaya ko da guntun ƙarfe. Kada ka cusa wani abu cikin fankar baya don tsayar da shaf, fukafukanta ba za su jure ba.

Juya rubu'i rubu'i, kana tsayawa kana kallon farata. Hannunka zai gaya maka abin da ke faruwa. Da farko sifana za ta yi ta ƙara nauyi, sannan in an yi sa'a ka ji ƙas, ta saki. Wannan ƙarar ba ɓarna ba ce, tsatsa ce ta karye. Amma in nauyin ya kai inda hannu ɗaya ya gaza da sifanar da ta dace da kan sukurun, ka tsaya nan. Kada ka zura mata bututu don ƙara tsawo, kada kuma ka sa injin kwance noti mai bugu. Bar fular a ɗaure, ka ƙara mai, ka ba kan sukurun duka ɗaya ko biyu, gajere mai kaifi, da ƙaramar guduma, daidai saitin shaf, in kan nasa irin wanda aka yi don ɗaukar duka ne. Ka ga bambanci da dukan da ka yi niyya. Jan fula tsakanin fuli da shaf yake ƙarewa, boris ba ya jin komai. Duka kuwa ta cikin boris yake wucewa zuwa jikin moto, ƙwallayen su bar tabo a hanyarsu, haka ma bambara da ƙarafa biyu a jikin murfi. Kai da za ka canja boris kana da ɗan sarari, wanda zai mayar da tsohon boris ba shi da shi. Ko kai ɗin ma kada ka wuce gona da iri, murfin moto na iya tsagewa.

In har yanzu shiru, sai zafi, kuma a ganina zafi ya fi ƙarin ƙarfi a kowane lokaci. Kas yana buɗewa da kusan kashi 11 cikin miliyan na girmansa a kowane digiri. Ramin milimita 24 da ya fi shaf zafi da digiri 100 zai ƙaru da kusan milimita 0.026. Kamar ba komai ba, amma matsewar da ake yi wa irin wannan fuli tun asali ba ta kai haka ba. Fulin alminiyom kuwa ninki biyu yake buɗewa, shi ya sa da ɗan ɗumi yake saki. Sirrin yana cikin kalmar nan “ya fi shaf zafi”. In ka yi ta gasa shi a hankali, zafin zai ratsa shaf, su kumbura tare, ba ka ci komai ba sai narka giris da ƙona sil. Don haka a ɗaure fula tukuna ta riƙe jan, a goge man da ya tsiyaya domin yana kama wuta, a cire tsumman, a naɗe shaf ta baya da jiƙaƙƙen ƙyalle in akwai wuri, sannan a zagaya harshen wuta a kan cibiya da sauri, ba a tsaya wuri ɗaya ba, domin kas da ya yi zafi gefe guda yana tsagewa. Kada wutar ta taɓa faratan fula. Ɗigon ruwa ya fara tsalle yana ƙara a kan cibiya, ya isa, ka kama sifana nan take. In minti biyu ko uku sun wuce bai saki ba, bar shi ya huce sarai kafin ka sake. Zafi da hucewar ma kansu suna farfasa tsatsa.

Bayan ya motsa, kamata ya yi kowane juyi ya fi na baya sauƙi, tunda wurin da ke riƙe yana raguwa. In ya yi 'yan milimita sannan ya sake nauyi, kada ka ce ai an kusa. Yawanci ƙayar da bakin ɗan sukuru ya tayar a jikin shaf ce ke kartar cikin ramin, ko ki ya taho tare da fulin ya hau gangaren ƙarshen gidansa ya cije, ko fulin ya karkace. Auna tazarar da ke bayansa a gefe biyu, in ba ɗaya ba ce ya karkace. Sassauta fular, ka mayar da shi baya kaɗan da gudumar roba ko ta kan katako, ka ƙara mai, ka gyara tsayuwar ƙafafu, ka sake ja. In zaren sukuru ya ƙare kafin ya fita, a sassauta a ƙara guntun ƙarfe a tsakani. Kusa da ƙarshe ka tara hannu a ƙasa, da safar hannu in ka sa wuta, don fuli da fula tare suke faɗowa.

In wata rana giya mai haƙora ce a gabanka maimakon fuli, duk wannan yana nan, da ƙari kaɗan. Farce ba ya hawa haƙori, sai jikin giyar a ƙasan haƙora ko faranti a bayanta, domin haƙorin da aka taurara ɓarewa yake yi. Yi alama a kan haƙoran da ke haɗuwa da na abokiyarta kafin ka cire, in giyar mai daidaita lokacin inji ce. Ka kuma rage wuta: da ƙarfen ya fara canja launi zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, wajen digiri 200 da ɗoriya, taurin ya fara tafiya. In kan shaf ɗin mai tsukewa ne da noti a gaba, kada ka cire notin gaba ɗaya, sassauta shi 'yan zare ka bar shi, saboda irin wannan lokaci ɗaya yake saki da ƙarfi, notin ne zai tare shi.

Game da fulin da ya ɓantare: rataye shi da waya ka ɗan ƙwanƙwasa. Lafiyayyen kas yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ko ya amsa da kyau, in ɓantarar ta shiga fuskar da bel ke gogawa, ka canja shi, domin zai riƙa yankar bel, kuma a moto mai juyi kusan 2,800 ko ma 1,400 a minti, guntun da ya ɓace zai sa girgiza da sabon boris ɗinka zai sha. In ɗan tsinin leɓe ne kawai, sama da inda bel ke zama, goge kaifin da magagari ka mayar da shi, bayan ka share ƙayar da ke jikin shaf ka shafa masa mai kaɗan.